Mayar da kaya daga Damagaram: wa ke biyan etiket, kuma da me za ka nuna ka aika

Mai ɗaukar hoto ne a Sabon Gari, ya sayi idon kyamara a eBay daga wani ɗan kasuwa da ke Faransa. Kuɗin idon yuro 120, kuɗin kawowa yuro 20, jimla yuro 140. Tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne, abin ya kama sefa 91,834, kusan jika 92. A tallar an rubuta cewa bakin idon na kyamarar Canon ne. Da ya buɗe kwali sai ya tarar na Nikon aka sako. Ba ya hawa kyamararsa, ba shi da abin da zai yi da shi, yana son kuɗinsa.

Da wannan misali za mu bi hanyar tun daga farko, domin kusan duk abin da ke sa mutanen nan su yi asarar kuɗinsu wajen mayar da kaya yana cikinsa.

Da farko mu san abin da ake nufi da etiket ɗin mayarwa. Takarda ce da ake bugawa a manna a jikin kwali. Tana ɗauke da adireshin wanda za a kai wa kayan, da lambar bin sawu, da zanen layi-layi da na'ura ke karantawa. Idan aka ce an riga an biya ta, ma'anarsa wani ya biya kamfanin jigila kuɗin ɗaukar kwalin, kai naka kawai ka miƙa. To amma etiket ba shaida ba ce cewa ka aika komai. Kowa na iya buga ta a siber ya ajiye a aljihu. Shaida tana farawa ne daga lokacin da ma'aikaci ya karɓi kwalin daga hannunka, ya haska lambar da na'ura, ya ba ka resi.

Dalilin da ka zaɓa shi ke yanke wanda zai biya

Ƙa'idar da kasuwannin intanet suka fi bi ita ce: wanda kuskure ya fito daga wajensa shi ke ɗaukar kuɗin mayarwa. A eBay, in kaya ya zo a lalace, ko ba shi ne aka nuna ba, ko ba ya aiki, mai sayarwa ne zai biya, ko da ya rubuta a tallarsa cewa ba ya karɓar mayarwa. In kuwa kai ne ka sake shawara ko ka yi kuskuren oda, kai za ka biya, sai fa idan shi ya rubuta cewa mayarwa kyauta ce. In bai yarda da mayarwa ba ma tun asali, yana da damar ya ƙi.

Ba mutum ne ke zaune yana karanta kokenka a matakin farko ba. Shafin yana ba ka jerin dalilai ka zaɓi ɗaya, kuma da wannan zaɓi ake ɗora kuɗin a kan ɗayanku. Nan ne mai hotonmu zai iya faɗawa rami. A jerin akwai "Doesn't fit". Shi a ransa gaskiya ce, idon bai shiga kyamara ba. Amma a wurin eBay wannan dalili yana cikin na wanda ya sake shawara, sahu ɗaya da "Changed my mind" da "Ordered by mistake", kamar wanda ya sayi riga ta yi masa kaɗan. Da ya taɓa shi, kuɗin mayarwa ya hau kansa. Abin da ya dace da matsalarsa shi ne "Doesn't match description or photos" ko "Wrong item sent". Idan wayarka da Faransanci take nuna shafin, jerin ɗaya ne, sai ka nemi layin da ke cewa kayan ya saɓa wa bayani ko hotuna. Sauya dalili bayan an buɗe buƙata yana da wuya ƙwarai, don haka a karanta sau biyu kafin a danna.

Sai dai a faɗi gaskiya. Da a tallar an rubuta Nikon, shi ne bai duba ba, to kuskurensa ne, kuma in ya zaɓi cewa kayan ya saɓa wa bayani don ya guje wa biya, mai sayarwa zai kai ƙara da hoton tallar a hannunsa. Ban da cin haƙƙin mutum, irin wannan yana iya jawo a taƙaita asusunka.

Kafin ka buɗe buƙatar, ka tara abu uku. Hoton fuskar waya na tallar inda aka rubuta irin bakin idon, tare da lambar odar. Hoton bakin idon da aka aiko, a wuri mai haske, rubutun jikinsa na karantuwa. Sai hoton kwalin da ya zo a ciki, etiket ɗin zuwa na bayyane. Kwalin nan kada a ba yara, kada a zuba masa goro. Za a neme shi.

Akwai kuma kwanaki da ake ƙirgawa. A eBay kana da kwana 30 daga ranar da kaya ya iso don ka buɗe buƙatar mayarwa a kan kayan da ya saɓa wa bayani. Mai sayarwa yana da ranakun aiki 3 ya amsa. In suka wuce bai ce komai ba, ko ya amsa ba tare da ya warware ba, sai ka nemi eBay ta shiga tsakani, kuma wannan damar ma ba ta daɗewa a buɗe. A AliExpress lokacin ya fi gajarta, kwana 15 ne bayan an tabbatar da karɓar kaya.

Ya aiko etiket, amma ba ta aiki a nan

A ce mai sayarwa mutumin kirki ne, ya amsa laifi, ya turo etiket ɗin Colissimo ko ta Mondial Relay. Mai hoto ya buga, ya manna, ya nufi gidan waya. Ba za a karɓa a matsayin wadda aka biya ba, kuma ba laifin ma'aikacin ba ne. Etiket yarjejeniya ce tsakanin wanda ya saye ta da wani kamfanin jigila, daga wata ƙasa zuwa wata. Wadda aka yi don kwali ya tashi daga cikin Faransa ba ta biya wa Niger Poste ko dala ba. Haka ta USPS ta Amurka ko ta Royal Mail ta Ingila. Don haka da etiket ta iso, ka duba wurin da aka rubuta mai aikowa da ƙasar tashi. In ba Nijar aka rubuta ba, kada ka ɓata takarda da tawada.

Hanya uku ta rage, kuma dole a zaɓi ɗaya a rubuce kafin kwali ya motsa.

Ta farko, mai sayarwa ya yi etiket da kamfanin da ke ɗaukar kaya daga Nijar, kamar DHL Express, a kan asusunsa. Wannan ce ta fi kwanciyar hankali, saboda shi ya ƙulla da kamfanin, in kwali ya ɓace a hanya shi zai bi diyya. Naka shi ne ka riƙe shaidar miƙawa. Ka tambayi kamfanin tukuna ko suna da inda ake karɓa a Damagaram ko sai a Yamai. In sai an kai Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 ce, akwai kuɗin bas da na wanda zai ɗauka ya kai, kuma wannan ma ka sa shi a lissafin da za ka gabatar.

Ta biyu, kai ka biya a gidan waya, shi ya biya ka. Nan ne aka fi samun gardama, domin mai sayarwa yana tunanin ƴan yuro kaɗan irin na cikin ƙasarsa, kai kuma ka dawo da resi mai nauyi. Maganinta shi ne ka ɗaure kwalin ka je a auna, ka tambayi farashi, ka dawo da shi gida ba tare da ka aika ba. Sai ka rubuta masa nauyin, da irin aiken, da kuɗin a sefa da kuma a yuro, ka nemi ya rubuta cewa ya yarda da wannan adadi, ya kuma faɗi ta yadda zai biya da ranar da zai biya. In ka samu ya turo kuɗin kafin ka aika, ya fi. A ɗauka an ce maka sefa 20,000. Ka raba da 655.957, ya ba ka yuro 30.49. Wannan lambar za ka rubuta masa, ba "kamar yuro talatin" ba.

Duk wannan magana a cikin akwatin saƙon eBay za a yi ta. Idan ya ce ku koma WhatsApp don ya fi sauƙi, ka ƙi cikin ladabi. Ranar da aka zo hukunci, abin da ke cikin shafin ne masu hukuncin ke gani.

Ta uku ita ce a bar maka kayan a mayar maka da wani kaso na kuɗin. Ga abu mai arha wannan ce hanya mai ma'ana. Wanda ya sayi cajar waya ta sefa 3,000 ba zai biya ninkin-ba-ninkin hakan don ya mayar da ita Sin ba, shi ya sa a AliExpress ake da zaɓin "Refund only". Alamar "Free Return" da ake gani a wasu kayan tana aiki ne a ƙasashen da suka ware, sai a duba ko ta shafi adireshin da aka kai kayan. Ga mai hotonmu, tayin rabin kuɗi yana da amfani ne kawai in ya san wani mai Nikon a gari da zai sayi idon. Kuma ya sani, da ya amshi tayin, buƙatar ta rufe, ba a sake buɗe wata a kan odar nan.

Kuɗin duwan da ka biya lokacin da kayan ya shigo ba ya cikin abin da mai sayarwa ke mayarwa, don ba hannunsa ya shiga ba. Ka cire shi daga abin da kake sa ran gani.

Mutane da yawa a nan ba kai tsaye ake kawo musu ba. Adireshin ɗan'uwa a Faransa ake sawa, ko na ma'ajiyar transite a Guwanzu ta ƙasar Sin, daga baya kayan ya biyo jirgi ko hannun matafiyi. A wurin kasuwar, ranar da kwali ya isa wancan adireshi ita ce ranar karɓa, kwanakin sun fara tafiya tun kayan bai ga Nijar ba. eBay ma ta fitar da kayan da aka tura wani wuri ta hannun masu tura kaya daga cikin garantinta. Don haka a roƙi wanda ya karɓa ya buɗe ya ɗauki hoto a ranar. In akwai kuskure, a mayar daga can, inda etiket ɗin mai sayarwa ke aiki. A Faransa doka ta ba mai saye daga nesa kwana 14 ya fasa ciniki ba tare da ya ba da dalili ba, in dai daga ɗan kasuwa ya saya kuma don amfanin kansa. Kuɗin mayarwa a kan mai saye yake, sai in ɗan kasuwan ya ɗauka ko bai sanar da shi tun farko cewa shi zai biya ba. Dokar ta kuma ce ɗan kasuwa na iya riƙe kuɗin har sai ya karɓi kayan ko an nuna masa shaidar aikawa, duk wanda ya riga. A Sin kuma, tun 2014 doka ta ba da kwana 7 na mayarwa ba dalili ga yawancin kayan da aka saya ta intanet, kuɗin mayarwar a kan mai saye in ba a yi wata yarjejeniya ba.

Ɗaurin kwali da hoton da ake ɗauka kafin a rufe

Resi yana nuna ka aika kwali, amma ba ya nuna abin da ke ciki. Idan mai sayarwa ya ce kwali fanko ya karɓa, ko ya ce wani tsohon ido ka sako, resi kaɗai ba zai cece ka ba. Shi ya sa ake ɗaukar bidiyo guda, ba yankewa. Ka jingine waya, ka nuna idon ta kowane gefe, ka matso da lambar da masana'anta ta buga a jikinsa har ta karantu, ka nuna gilashin ba tsaga, ka rufe murafunsa biyu, ka naɗe, ka sa a kwali tare da takarda mai lambar oda da sunanka, ka manne da sikoc, ka nuna adireshin. Minti biyu ko uku ya isa. Ƙarshen bidiyon ya nuna kwalin a rufe ta yadda za a gane shi ne a hoton da za ka ɗauka a gidan waya. Wasu suna sa hannu da biro a kan mahaɗar sikoc da kwali, dabara ce mai kyau.

Tsohuwar etiket ɗin zuwa a ɓare ta, ko a shafe zanen lambarta gaba ɗaya da baƙin alƙalami. In na'ura ta karanta tsohuwar, kwali na iya juyowa. Sabuwar kuma kada ta naɗe a kan kusurwa, kada a lulluɓe zanen da sikoc mai ƙyalli har ya hana karantawa.

Girman kwali kuɗi ne. Kamfanonin gaggawa irin DHL suna kwatanta nauyin sikeli da nauyin girma, su caji wanda ya fi yawa. Ana samun nauyin girma in aka ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 5000. Idon da naɗinsa a ce giram 650 ne. A kwali mai 20 da 15 da 15, lissafin ya ba da kilo 0.9. A kwali mai 30 da 25 da 20, ya ba da kilo 3, ga abu ɗaya. A nemi ƙaramin kwali mai ƙarfi, a bar wajen yatsa biyu na abin naɗi a kowane gefe, kada komai ya yi motsi in an girgiza.

Adireshin da za ka rubuta shi ne wanda shafin mayarwa ya nuna, harafi da harafi. Sau da yawa yana bambanta da wanda ke jikin kwalin zuwa, domin ma'ajiya daban, shago daban. In ka aika inda ba nan aka ce ba, ko da lambar ta nuna an kai, ana iya ƙin karɓarta.

A tagar gidan waya

Abin da za ka nema shi ne aike mai lambar bin sawu wadda ke nunawa har ƙasar da za a kai. Lambobin gidajen waya na duniya tsari ɗaya gare su: haruffa biyu, lambobi tara, sai haruffa biyu na ƙasar da kwali ya tashi. Na Nijar NE ne, NG na Najeriya ne. Ga siffar:

```
CP123456785NE
```

Harafin farko yana gaya maka irin aiken. C na koli ne, E na EMS ne mai sauri, R na rekomande ne. Wanda ya fara da U ba a bin sawunsa, kada ka mayar da kaya da shi komai arharsa. Rekomande shi mutane suka saba da shi, amma ƙungiyar gidajen waya ta duniya ta taƙaita shi ga takardu daga farkon 2026, don haka ga kaya ka tambayi koli ko EMS.

Za a ba ka takardar duwan. CN22 ita ce ƙarama, ta ƙananan ƙunshi masu ƙaramar daraja, CN23 kuma babba, wadda ke bin koli. A wurin da ake zaɓar irin aiken ka sa alama a "Retour de marchandise". Mutane suna son sa alamar kyauta don suna ganin ta fi sauƙi. Kada ka yi. In ka sa kyauta ko sayarwa, duwan ɗin can na iya neman haraji daga mai sayarwa a kan kayansa, shi kuma ya ƙi biya, kwali ya zauna ko ya komo. A wurin bayani ka rubuta ainihin sunan abin, ba "kaya" ko "kayan gyara" ba. Darajar ita ce ta faktir, yuro 120, kada ka rage. In aka tambaye ka lambar duwan ta kayan, ta idon kyamara 9002.11 ce. Ka haɗa da kwafin faktir a jakar leda a bayan kwalin, ka sa lambar wayar mai karɓa.

In abin da kake mayarwa yana da batirin litiyom, kamar waya ko kwamfuta, ka tambaya kafin ka ɗaure. Ba kowane gidan waya ke da izinin ɗaukarsa zuwa waje ba, kuma batir tsurarsa ko ma'ajiyar caji ba sa bin wasiƙar jirgi. Wannan ma ka gaya wa mai sayarwa tun wuri, don yana iya sauya hanyar gaba ɗaya.

Yanzu resi. Kafin ka bar tagar, ka tsaya ka karanta shi. Ya ƙunshi lambar bin sawu daidai da wadda aka manna a kwali, da ranar, da nauyi, da kuɗin da ka biya, da ƙasa ko adireshin da za a kai, da hatimin ofis. In wani abu ya ɓace, ka nema a nan take: "Malam, don Allah a rubuta mini nauyin a kan resin, a buga hatimi." Nauyin nan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Resi mai giram 650 shi ne amsar wanda ya ce fanko ya karɓa, musamman in nauyin ya yi kusa da wanda ke kan etiket ɗin zuwa. Ka nemi izini ka ɗauki hoton kwalin a kan sikeli, lambar da aka manna tana fitowa.

Idan etiket ɗin mai sayarwa ce ka kawo, wadda aka riga aka biya, haɗarin ya fi yawa, domin ba kuɗi ka biya ba, sai a ce maka ajiye nan kawai. Kada ka ajiye ka juya. Ka tsaya a haska lambar a gabanka, ka karɓi takardar karɓa mai sa hannu da rana. A DHL Express lambar aike lambobi 10 ce. In ɗan aike ne a Yamai zai kai maka, ka gaya masa aikinsa bai ƙare ba sai ya turo hoton wannan takarda.

Resin da na'ura ke fitarwa a siririyar takarda mai santsi ba tawada gare shi ba, zafi ne ke fito da rubutun, zafi kuma ke cinye shi. A bazarar Damagaram, resin da ya kwana biyu a aljihun gaba ko ƙarƙashin sirdin babur yana iya zama fari ko ya yi baƙi ƙirin. Ka ɗauki hotonsa tun kana cikin ofis, ka yi fotokofi, ka tura hoton zuwa imel ɗinka don kada ya tafi da waya in ta ɓace. Kada a kai shi a yi masa leda mai zafi, nan take zai baƙe.

Ga kaya mai tsada akwai ƙarin abu biyu. Diyyar da gidan waya ke biya a kan koli na yau da kullum in ya ɓace ƙayyadajjiya ce, da nauyi ake lissafa ta, ba da kuɗin kayan ba, kuma ga ƙaramin abu mai daraja kamar idon kyamara ba ta kai kuɗinsa. In akwai inshorar daraja zuwa ƙasar, ka tambayi kuɗinta ka sa a lissafin da za ka tura wa mai sayarwa. Na biyu, eBay tana neman sa hannun mai karɓa in jimlar odar ta kai dalar Amurka 750.

Bayan ka aika

A ranar, ka shiga shafin mayarwa ka sa lambar bin sawu a gurbinta, ka zaɓi kamfanin jigila, in babu shi a jeri ka zaɓi na "Other" ka rubuta sunansa. Turawa a saƙo kaɗai ba ta isa ba, domin gurbin nan shi na'urar eBay ke dubawa. Akwai ranar ƙarshe ta aikawa da shafin ke nunawa, in ta wuce ba lamba, ana iya rufe buƙatar alhali kwalinka yana sama. Bayan haka ka ɗora hoton resin a saƙo, ka sanar cewa daga Damagaram kwali zai bi ta Yamai kafin ya fita, don kada a ga shiru a yi zaton ba ka aika ba.

Ka koyi bambanta matakai uku da lambar ke nunawa. Na farko yana cewa an ƙirƙiri etiket ko an karɓi bayanin aike. Wannan ba komai ba ne, kwamfuta ce ta san da lambar. Na biyu yana cewa an karɓi kwalin a ofis kaza, rana kaza. Wannan ita ce shaidar aikawa. Na uku yana cewa an miƙa wa mai shi, tare da gari da rana. Wannan ita ce shaidar isarwa, kuma ita eBay ke jira. Daga nan mai sayarwa yana da ranakun aiki 2 ya mayar da kuɗi. Duk lokacin da matakin ya sauya ka ɗauki hoton fuskar waya, domin shafukan bin sawu suna goge tsofaffin bayanai bayan wasu watanni.

In kwana uku ko huɗu suka wuce lambar ba ta nuna komai ba, fara da duba ko ka rubuta ta daidai, sifiri da harafin O suna ruɗa mutane. In daidai take, koma ofis da resi a duba ko an shigar da ita. Da kwali ya fita Nijar, ka riƙa duba lambar a shafin gidan wayar ƙasar da za a kai, can ne bayanin ƙarshe ya fi fitowa. In ya tsaya a duwan, ka sanar da mai sayarwa a ranar, don shi za a nema da takardu. In aka nuna an je ba a same shi ba, ko kwali na jiransa a ofis, ko ya ƙi karɓa, ka ɗauki hoton wannan ka nemi eBay ta shiga tsakani tun kafin kwalin ya juyo.

In kuma ya ɓace, wanda ya biya jigila shi ke da bakin magana. Idan kai ka biya a gidan waya, ka je da asalin resi da kwafin takardar duwan ka shigar da koke a rubuce, a ba ka kwafi mai hatimi. Ƙa'idar gidajen waya ta duniya ta ba da wata 6 daga washegarin ranar aikawa, amma lokacin da kasuwar intanet ke bayarwa ya fi haka gajarta nesa ba kusa ba, don haka ka ɗora kwafin koken a shafin mayarwa da zarar ka karɓe shi.

In daga Yamai ko Kano aka aiko

Cinikin WhatsApp da ƴan kasuwar Yamai ko na Kano ba shi da etiket, ba shi da mai shiga tsakani, amma tambayoyin biyu suna nan: wa zai biya, kuma da me za ka nuna ka aika. Wanda zai biya kuɗin mota in kaya ya zo ba daidai ba, a yanke shi a rubuce ko a saƙon murya kafin a tura kuɗi ta NITA ko Al Izza: "Alhaji, in ba wannan launin ya zo ba, kuɗin komawa a kan wa?" Amsar a ajiye ta.

Wajen mayarwa, sashen koli na kamfanonin bas ya fi direban tasha, saboda suna ba da resi mai lamba da sunan mai aikowa da na mai karɓa, kuma ana neman katin shaida ko sa hannu kafin a miƙa. Ka sa a rubuta ainihin abin da ke ciki da adadinsa. In dole sai ta hannun direba, kamar hanyar Kano ta Matamaye ko Magarya, ka miƙa a gaban ɗan kamasho, ka ɗauki hoton kwalin da lambar motar, ka tura wa mai kayan tare da sunan direba da lambar wayarsa, ka jira ya amsa cewa ya gani kafin mota ta tashi. Da kaya ya isa, ka nemi ya buɗe ya turo hoto da saƙon cewa ya karɓa cikakke, a ranar, kafin a shiga maganar canji ko mayar da kuɗi.